Ba Na Ofis: Yaushe Za Ka Dawo, Kuma Wa Za Mu Nema?

A kasuwa, idan mai shago zai tafi masallaci ko ɗaurin aure, ba ya barin ƙofa haka kawai. Yakan leƙa wajen maƙwabcinsa ya ce, "Alhaji, ga shago nan, zan dawo bayan La'asar. In mai kai kaya ya zo, ka karɓa mini." Da wannan 'yar magana ya gama abu biyu: ya faɗi lokacin dawowarsa, ya kuma bar amanar a hannun wanda ya san an bar masa ita. Amsar da akwatin imel ke mayarwa da kansa idan mutum ba ya wurin aiki ba ta wuce wannan ba. Abin mamaki shi ne yadda ma'aikata masu digiri biyu ke kasa yin abin da ɗan tireda ke yi kullum ba tare da ya yi tunani ba.

Na taɓa aika wa wani ofishi takardar neman a biya ni kuɗin wani aiki da na gama. Ba a yi minti ɗaya ba amsa ta iso, har na yi murna. Da na buɗe sai na ga layi biyu ne: jami'in yana hutu, zai dawo "nan ba da jimawa ba", mai uzurin gaggawa ya tuntuɓi mataimakiyarsa. Babu sunanta, babu adireshinta, babu lambar waya. Bayan kwana uku na tafi da ƙafata, na yi ta tambaya har aka nuna mini ita. Na gaishe ta, na nuna mata saƙon a wayata. Ta karanta, ta ɗago kai ta ce, "Malam, wallahi yau na fara ganin wannan. Oga bai ce mini komai ba, kuma fayil ɗin yana cikin durowarsa a kulle." Na'ura ta yi aikinta daidai. Mutumin ne bai yi nasa ba.

Shi ya sa nake ganin kunna wannan amsa shi ne mafi ƙanƙantar ɓangaren aikin. Amma tunda sai an kunna, bari mu fara da shi mu wuce.

A Gmail, mutum zai shiga Settings, ya danna See all settings, ya gangara ƙasan shafin General har ya ga Vacation responder. A wasu ƙasashe sunan da ke fitowa shi ne Out of Office AutoReply, amma abu ɗaya ne. Akwai gurbin First day da na Last day, da na kan magana, da na saƙon kansa, sannan a danna Save Changes. A Outlook na kwamfuta, irin wanda aka saba da shi a ofisoshi, hanyar ita ce File sannan Automatic Replies, a zaɓi Send automatic replies, a sa alama a Only send during this time range, a cika ranaku da awoyi. Duka ba ya cin minti biyar. Kuma a duka biyun, ba wayarka ko kwamfutarka ce ke mayar da amsar ba. Babbar na'urar da ke riƙe da akwatinka, wadda masu aikin kwamfuta ke kira saba, ita ke yi, don haka kana iya kashe komai ka yi tafiyarka. Togaciya ɗaya ce: idan ka buɗe File a Outlook ba ka ga Automatic Replies ba, to akwatinka ba ya kan tsarin Exchange, mai yiwuwa POP ne ko IMAP. Wasu kan yi dabarar kafa ƙa'ida a cikin manhajar don ta riƙa amsawa, sai dai wannan na aiki ne kawai muddin kwamfutar tana kunne kuma Outlook yana buɗe. A ƙasar da ake ɗauke wuta sau uku kafin azahar, wannan ba abin dogaro ba ne. Gara mutum ya shiga akwatinsa ta shafin intanet na kamfanin da ya ba shi adireshin, ya kunna daga can.

To, ranar dawowa. A nan ne kurakurai suka fi yawa, kuma galibinsu ƙanana ne da ba a lura da su sai sun yi ɓarna.

Mu ɗauki wata jami'ar sayen kaya a wani kamfani, wadda aka ba ta hutun mako biyu a watan Agusta na 2025. Takardar hutunta ta ce daga Litinin 4 ga wata zuwa Juma'a 15 ga wata. Abin da hannu zai fara yi shi ne ya kwafi waɗannan ranakun biyu ya zuba a First day da Last day. Kuskure ne ta gefe biyu. Gmail yana fara amsawa da ƙarfe 12 na daren da ya shiga ranar farko, ya daina da ƙarfe 11:59 na daren ranar ƙarshe. Ita kuwa ta bar ofis tun yammacin Juma'a 1 ga wata. Duk wanda ya rubuto mata ranar Asabar 2 ko Lahadi 3 ga wata ba zai sami komai ba, zai zauna yana jiran amsa ranar Litinin, alhali sai bayan kwana goma sha biyar ko sha shida za ta ga saƙonsa. Haka nan a ɗaya gefen: wanda ya rubuto ranar Asabar 16 ba zai san da batun hutu ba. Abin da ya dace shi ne ranar farko ta zama 2 ga wata, ko ma ta kunna da hannunta a lokacin da take tashi ranar Juma'ar, ranar ƙarshe kuma ta zama Lahadi 17 ga wata. Idan ta yi ganganci ta sa 18, ranar da za ta koma, to tana zaune a kan kujerarta akwatin zai wuni yana gaya wa mutane ba ta nan. Outlook ya fi sauƙi a nan domin yana karɓar awa, sai ta sa ya fara ƙarfe biyar na yammacin Juma'a ya ƙare ƙarfe takwas na safiyar Litinin 18 ga wata.

Wannan saitin na'ura ne. Abin da aka rubuta a cikin saƙon kuma daban. "Ina hutu har zuwa 15 ga Agusta" magana ce mai harshen damo: ranar 15 ɗin kina nan ko ba kya nan? Mai karatu ba ruwansa da ranar da hutunki zai ƙare, abin da yake so ya sani shi ne ranar da zai same ki. A rubuta "Zan dawo aiki ranar Litinin, 18 ga Agusta". Sunan ranar yana da amfani, domin in an yi kuskuren lamba mai karatu zai gane da sauri. Sunan watan kuma a rubuta shi da haruffa. Wanda ya rubuta 7/8 yana nufin 7 ga Agusta, abokin hulɗarsa na Amurka zai karanta 8 ga Yuli, ya ɗauka ma an daɗe da dawowa. Kalmomi irin su "gobe", "jibi" da "mako mai zuwa" ba su da wurin zama a wannan saƙo ko kaɗan, tunda rubutu ɗaya ne zai riƙa fita kullum har kwana goma sha shida, kuma goben ranar 3 ba ita ce goben ranar 14 ba.

Sai wata tambaya da ma'aikata ke saɓani a kanta: shin a faɗi ainihin ranar dawowa, ko a ƙara kwana ɗaya? Wasu suna ganin in za ka koma Litinin ka rubuta Talata, ka sami yini guda na share tarin saƙonni ba wanda ya takura maka. Na fahimci dalilinsu, amma ban yarda da hanyar ba. Abokan aikinka za su gan ka a ofis ranar Litinin, kuma daga ranar sun san saƙonka ba a ɗaukarsa da gaske. Gaskiya ma tana biyan wannan buƙatar: "Zan dawo Litinin 18 ga Agusta, zan kuma bi saƙonnin da suka taru kafin Laraba 20 ga wata." Ka sami kwana biyu maimakon ɗaya, ba ka yi wa kowa ƙarya ba.

Akwai tafiyar da mai yin ta ma bai san ranar dawowarsa ba, kuma mu mun fi kowa sanin ta. Mahajjaci ya san ranar Arfa, amma jirgin da zai dawo da shi sai yadda jigilar ta kasance, kwanaki na iya ƙaruwa. Haka hutun Sallah, wanda ke jiran ganin wata da sanarwar gwamnati. Haka mai jinya. A irin wannan hali kuskure ne a bar gurbin ranar a buɗe da cewa "sai Allah ya dawo da mu". Allah ne mai dawowa da kowa, amma mai kawo kaya yana bukatar ya san ko ya jira ko ya nemi wani. Sai a faɗi rana mafi nisa da ake da yaƙini a kanta: "Ina sa ran komawa aiki kafin Litinin, 14 ga Yuli, in sha Allahu." A saitin kuwa, gara a cire alamar Last day gaba ɗaya, amsar ta ci gaba da fita har mutum ya dawo ya kashe da hannunsa. Gmail yana ɗora wani layi a saman akwatin mai ɗauke da End now, ba ya ɓacewa sai an danna. Duk da haka ana mantawa. Kowa ya taɓa samun amsar "na tafi hutun Babbar Sallah" a tsakiyar watan Safar.

Yanzu ga rabin da ya fi nauyi, wato wanda za a nema.

Sunan da ka sa a saƙon nan alkawari ne ka ɗauka da bakin wani. Don haka kafin ka rubuta sunan, ka je wurin mai shi. Ba a tsaye a bakin ƙofa ba, kana rataye da jaka. Ku zauna, ka tambaye shi ko zai kasance a ofis duk tsawon kwanakin, domin ba abin da ya kai ban haushi irin ka bi umarnin saƙo ka rubuta wa mataimaki, shi ma akwatinsa ya amsa maka da cewa yana hutu, a tuntuɓi wanda ka baro. A watan Disamba da makon Sallah wannan zagayen ba baƙon abu ba ne. Sannan ka tambayi kanka abin da ya fi muhimmanci: wannan mutumin yana da ikon yin abin da za a nema a wurinsa? Jami'ar sayen kayanmu tana iya barin sunan ƙaramin ma'aikacinta, yaro mai ladabi da ƙwazo, amma idan ba ya iya sa hannu a takardar oda, ba ya iya shiga manhajar biyan kuɗi, to abin da zai iya kawai shi ne ya ce "Ranki ya daɗe, sai Hajiya ta dawo." Wannan kuwa na'urar ta riga ta faɗa.

Saboda haka sau da yawa mutum ɗaya ba ya isa, amma kuma biyar sun yi yawa. Na ga saƙon da ya jero mutum shida, kowanne da sashensa, har mai karatu ya rasa wanda ya shafe shi, ƙarshe ya tura wa dukansu, kowa ya ɗauka ɗayan zai amsa. Biyu sun wadatar a mafi yawan ayyuka: ɗaya na abin da ba zai iya jira ba, ɗaya na harkar yau da kullum. Kuma a faɗi abin da ake nufi da gaggawa, domin a wurin mai bukata komai gaggawa ne. Ga yadda saƙon jami'ar zai iya kasancewa:

"Assalamu alaikum. Ba na ofis daga Asabar 2 ga Agusta, zan dawo aiki ranar Litinin 18 ga Agusta, 2025. Ba na duba imel a wannan lokaci, kuma ba a tura wannan saƙon naku ga kowa ba. Idan batun kayan da za a kawo ne kafin 18 ga wata, a rubuta wa Malam Wane a adireshi kaza, ko a kira layin ofis daga ƙarfe takwas zuwa huɗu. Takardun neman biya a aika wa sashen kuɗi a adireshi kaza. Sauran batutuwa zan amsa su kafin Laraba 20 ga wata. Na gode."

Jimlar da ta fi kowace aiki a ciki ita ce wadda aka fi mantawa da ita: ba a tura saƙon ga kowa ba. Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar sun ga sunan mataimaki, to saƙonsu ya riga ya isa gare shi. Bai isa ba. Amsar atomatik daban, tura saƙo gaba daban, kowanne da saitinsa. Idan kin kunna turawa, ki faɗa, don kada mutum ya aika sau biyu. Idan ba ki kunna ba, ki faɗa, don ya san sauran aiki na hannunsa. Kuma a yi hattara da tura komai da komai zuwa akwatin wani: takardar albashi, sakamakon asibiti da wasiƙar shugaba a kan shi kansa mataimakin duk za su bi ta nan. Inda ofishi ke da adireshin sashe wanda mutum biyu ko uku ke buɗewa, shi ya fi dacewa a bayar, domin ba ya tafiya hutu.

Kada kuma a rubuta "zan riƙa leƙawa lokaci zuwa lokaci". Ana yin haka ne don a nuna himma, amma sakamakonsa shi ne ba wanda zai nemi mataimakin, kowa zai jira leƙen. Ko kana dubawa ko ba ka dubawa.

Wani abin da ke rikita masu gwaji shi ne cewa amsar ba ta fita a kan kowane saƙo. Mutum ya kunna, ya sa abokinsa ya aiko, amsa ta zo. Ya ce a sake aikowa, shiru. Sai ya ɗauka abin ya lalace. Da gangan aka yi shi haka. Gmail ba ya sake amsa wa mutum ɗaya sai bayan kwana huɗu, ko kuma in an sauya rubutun saƙon. Exchange kuwa sau ɗaya yake amsa wa kowane mai aikowa a duk tsawon lokacin da abin ke kunne. Dabarar tsohuwa ce. Tun a shekarun 1980 Eric Allman, wanda ya rubuta sendmail, ya yi wata 'yar manhaja mai suna `vacation` a tsarin Unix, tana ajiye sunayen waɗanda ta amsa wa don kada ta maimaita musu sai bayan mako guda. Dalilin a bayyane yake: in akwati biyu masu amsa kowane saƙo suka haɗu, wannan ya ce ba na nan, wancan ya amsa ni ma ba na nan, haka za su kwana suna yi har ɗaya ya cika. Ƙa'idar RFC 3834 ta 2004 ta zo da shawarar kowace amsa irin wannan ta ɗauki alama a kanta, wadda mai karatu ba ya gani amma na'urori na gani:

```
Auto-Submitted: auto-replied
```

Na'urar da ta ga wannan layi ta san ba mutum ne ya rubuto ba, sai ta yi shiru. Abin da wannan ke nufi ga mai tafiya shi ne, wanda ya rubuto a rana ta biyu wataƙila ba zai sake ganin bayaninka ba ko da ya sake rubutowa a rana ta goma. Dama ɗaya gare ka, don haka a Gmail ranar dawowa ta fito tun a kan maganar saƙon, misali "Ba na ofis, zan dawo Litinin 18 ga Agusta", yadda ko bai buɗe ba ya gani.

Sai batun wanda zai karanta. Amsar nan ba ta san aboki ba, ba ta san ɗan damfara ba. Wanda ya rubuta cewa ya tafi Umara da iyalinsa duka har mako uku ya sanar da duniya gidansa ba kowa. Wanda ya jera sunan mataimakinsa da muƙaminsa da lambar wayarsa ta gida ya haɗa wa macuci kayan aiki: gobe sai a rubuta wa mataimakin da sunan oga, "Ina kan hanya, ba zan iya ɗaga waya ba, ka biya wannan kamfanin yau." Wannan salon damfara sananne ne a ofisoshi ko'ina, kuma tafiyar shugaba ita ce lokacin da ya fi ci. Maganin yana cikin saitin. Outlook ya raba shafi biyu, Inside My Organization da Outside My Organization, don abokan aiki su sami cikakken bayani, na waje su sami rana da adireshin sashe kawai. A shafin na waje ana iya zaɓar My Contacts only. Gmail ma yana da gurbin da ke taƙaita amsar ga waɗanda ke cikin jerin lambobinka. Sai dai wannan ma da farashinsa: sabon mai ciniki da bai taɓa rubuto maka ba ba zai sami komai ba. Mai sayar da kaya ya bar ƙofar a buɗe ya rage bayani, akanta kuwa gara ya rufe. Dalilin tafiya dai, ko jinya ce ko biki ko rasuwa, ba dole ba ne a faɗa wa kowa. "Ba na ofis" ya isa.

Harshe ma abin dubawa ne. A 2008, a birnin Swansea na yankin Wales, wani jami'in ƙaramar hukuma ya aika rubutun allon hanya ga sashen fassara don a mayar da shi harshen Welsh. Allon na hana manyan motocin kaya shiga wata unguwa ne. Amsa ta dawo da harshen Welsh, wanda jami'in ba ya ji, sai aka buga ta a allo aka kafa a bakin titi. Abin da ke rubuce a wurin shi ne cewa mai fassarar ba ya ofis a yanzu, a aiko da duk aikin da ake so a fassara. Abin dariya ne, amma wanda ke Maraɗi yana hulɗa da Kano da Kwatano ya san matsalar: wasu Hausa suke karantawa, wasu Faransanci, wasu Turanci. A rubuta gajeren saƙo da harsuna biyu, ranar da sunan su zama iri ɗaya a duka.

Ga mai sana'ar da cinikinsa ke kan WhatsApp Business, akwai makamancin wannan a ƙarƙashin Business tools, mai suna Away message, kuma ana iya sa masa lokacin farawa da na ƙarewa. Bambancin da ya kamata a sani shi ne wannan ya dogara da wayar: sai tana da intanet yake fita. Wanda ya kashe wayar shago ya kulle ta a durowa ya tafi, bai bar kowa a bakin ƙofa ba.

Kafin ka tashi ranar ƙarshe, ka aika wa kanka saƙo daga wani adireshi daban, ka karanta amsar da ta dawo kamar kai baƙo ne da ke bin ofishin kuɗi. Ka duba ranar a kalanda, ka danna adireshin da ka bayar ka ga ko harafi bai faɗi ba. Sannan ka tura wa wanda ka ambata kwafin saƙon, tare da jerin ayyukan da ke kan hanya da makullin durowar.